Layi Huɗu Sun Isa: Yadda Ake Taya Abokin Aiki Murnar Aure da Sifaniyanci

A ofisoshin Madrid, kamar na birnin Meziko ko Bogotá, idan ma'aikaci zai yi aure abokan aikinsa kan haɗa kuɗin gudummawa, su sayi kati guda, katin ya riƙa yawo daga tebur zuwa tebur kowa ya rubuta nasa. A wasu wuraren saƙon waya ne ko imel ke maye gurbin katin. Filin rubutun ɗan kaɗan ne, amma a nan ake gane wanda ya san mutane da wanda littafi kawai ya sani. Baƙon da ya iya Sifaniyancin aiki, yana rubuta rahoto yana amsa waya ba tare da inda-inda ba, sai ka tarar ya tsaya da biro a hannu ya rasa ta cewa. Idan ya bi abin da ya koya a aji, saƙon zai fito da sanyin takardar banki. Idan ya kwaikwayi hirar da yake ji a wurin shan gahawa, zai shiga gonar aminai, alhali shi abokin aiki ne.

Wannan matsala tana samun 'yan Afirka ta Yamma masu aiki a Sifaniya, da masu harka a Malabo ko Bata na Ikwatoriyal Gini inda Sifaniyanci yake harshen gwamnati, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke zama ofis ɗaya da 'yan Kolombiya ko Ajantina. Maganinta bai buƙaci zurfin nahawu ba. Abu uku ne ke yanke hukunci: wakilin sunan da ka zaɓa, jimla ɗaya da ta shafi wannan mutum shi kaɗai, da kalmar da ka rufe saƙon da ita. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mu ce abokiyar aikinka 'yar Madrid ce, mu kira ta Lucía, angonta kuma Javier. Kuna sashe ɗaya, kuna gaisawa da raha, amma ba ka taɓa zuwa gidansu ba.

Ramuka biyu na gefen hanya

Ga abin da mai tsoron yin kuskure yakan rubuta:

Estimada Sra. Martín: Por medio de la presente, reciba mi más sincera felicitación con motivo de su enlace matrimonial. Atentamente,

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki. Ma'anarsa kusan ita ce, "Uwargida Martín mai daraja, ta wannan takarda ki karɓi taya murnata dangane da ɗaurin aurenki. Naki cikin girmamawa." Matsalar ita ce Lucía za ta karanta ta yi zaton daga ofishin kula da ma'aikata ya fito, ko kuma ta fara tunanin ko ta ɓata maka rai ne. "Por medio de la presente" buɗin wasiƙar hukuma ne, "enlace matrimonial" lafazin katin gayyata ne da na jarida, "Atentamente" kuwa da shi ake rufe takardar neman aiki ko ta ƙorafi.

Ga kuma na wanda ya zaƙe:

Tíaaa, que te casas!! Se acabó lo bueno jajaja. Besitos

Wato, "Ke 'yar gari, ashe aure za ki yi! Jin daɗi ya ƙare ke nan. Ga 'yan sumbata." Ƙawarta ta makaranta za ta iya aika mata wannan su yi dariya tare. Daga abokin aiki kuwa ya yi yawa, musamman a katin da manaja zai gani, kuma mai yiwuwa angon da iyayen amarya su karanta. Zolayar cewa aure kurkuku ne tsohuwar raha ce a Sifaniya, amma ta masu wasa da juna ce, kuma a rubuce ba a jin muryar da ke nuna wasa ake yi.

Abin da ake nema yana tsakanin waɗannan biyu, kuma ana gina shi ne daki-daki.

Fara da sanin ƙasarsa

Mutane kimanin miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a baki, a ƙasashe 20, kuma ba su yi tarayya a yadda ake cewa "ku" ba. Wannan shi ne babban abin lura a saƙon aure, domin aure na mutum biyu ne, dole ka yi magana da jam'i.

Da mutum ɗaya abin da sauƙi. "Tú" shi ne kai ko ke na sabo, "usted" shi ne na girmamawa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo "ku" alhali shi kaɗai ne. A wuraren aiki na Sifaniya "tú" ya yi rinjaye ƙwarai, har da shugabanni da yawa. A Kolombiya da Kosta Rika kuwa "usted" yana shiga har tsakanin abokai da 'yan gida ɗaya, ba ya nuna nisa. A Ajantina da Uruguwai "vos" ne ke zaune a gurbin "tú". Ba sai ka haddace taswira ba. Duba saƙon ƙarshe da mutumin ya aiko maka, ka mayar masa da abin da yake kiranka da shi. Wanda kuke "tú" da shi kullum, ranar aurensa ba ranar komawa "usted" ba ce.

Da mutum biyu ne hanya ke rabuwa. A yawancin Sifaniya, jam'in sabo shi ne "vosotros", kuma "ustedes" na girmamawa ne. A Latin Amurka baki ɗaya, da tsibiran Kanari, "ustedes" ne kaɗai ake amfani da shi ga kowa, aboki ko baƙo. Sakamakon haka jimla ɗaya tana da fuska biyu. "Ina yi muku fatan alheri" a Madrid "Os deseo lo mejor" ne, a Meziko kuma "Les deseo lo mejor". Idan ka rubuta wa Lucía "Les deseo", za ta ji ka ja da baya kamar mai magana da manyan baƙi. Idan ka rubuta wa ɗan Meziko "Os deseo", zai ji kamar ana karanta masa tsohon littafin coci.

Kowane ɓangare yana tafiya da 'yan rakiyarsa. Na Sifaniya su ne "os", da "vuestra", da aikatau masu ƙarewa irin na "seáis" da "disfrutad". Na Latin Amurka su ne "les", da "su", da "sean" da "disfruten". Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwamutsa su, kuma yakan faru ne idan mutum ya tsinto jimla nan ya tsinto can ya haɗa. "Os deseo que sean felices" rabinta Madrid ne rabinta Meziko, duk ɗan harshen zai ji ta yi masa karo a kunne. Daidai ita ce "Os deseo que seáis felices" ko "Les deseo que sean felices". Tun da Lucía 'yar Madrid ce, mun tsaya kan "tú" gare ta, "os" gare su biyu.

Layin farko da na biyu

Buɗin saƙo yana da matakai uku. "Estimada" na nesa ne, "Hola" na yau da kullum ne, "Querida" kuma yana tsakiya da ɗan ɗumi. Baƙi da yawa suna gudun "Querida" saboda ƙamus ya ce musu yana nufin abar ƙauna. A kan wasiƙa ko kati, gabanin suna, ba ya ɗauke da wannan nauyi, buɗi ne da aka saba da shi tsakanin mutanen da ke ganin mutuncin juna. Sai dai a kula da jinsi: "Querida Lucía" ga mace, "Querido Javier" ga namiji, "Queridos Lucía y Javier" gare su tare. A kati "Querida" ya fi dacewa. A saƙon waya "Hola, Lucía" ya wadatar. Kuma a ƙa'idar Sifaniyanci ruwa biyu ake sa wa bayan buɗin, ba waƙafi ba, sannan a sauka sabon layi a fara da babban baƙi.

Kada ka nemi haɗa su da sunan mahaifin ango. A Sifaniya mace ba ta canja sunanta bayan aure, tana nan da sunaye biyun da ta gada, na wajen uba da na wajen uwa. Kiran su "Señores de García" salo ne na zamanin kakanni, wata amaryar ma ba za ta ji daɗinsa ba. Sunan yanka ya isa.

Sai kalmar taya murna kanta. Guda uku ne ake juyawa. A Sifaniya "Enhorabuena" ita ce ta abin da mutum ya cim ma: aure, haihuwa, ƙarin girma, cin jarrabawa. Ba a furta harafin h ɗin da ke cikinta, ana cewa "enorabuwena". "Felicidades" ta fi yawa a ranar haihuwa da bukukuwan shekara, amma ana karɓarta a aure, kuma a Meziko ita ce kan gaba. "Felicitaciones" ta Ajantina ce da Kolombiya da Chile da Peru, a Madrid ba kasafai ake jinta ba. Akwai wata tsohuwar ƙa'idar ladabi a Sifaniya da ke cewa ango ake yi wa "Enhorabuena", amarya kuma "Felicidades", don kada a ji kamar ana taya ta murnar samun wanda ya kwashe ta. Matasan yau da yawa ba su damu da ita ba. Wanda yake son kauce wa komai sai ya rubuta "Enhorabuena a los dos", wato murna gare ku duka biyu, ko ya tsaya kan "Muchas felicidades" wadda ba ta da laifi a ko'ina.

Sunan bikin ma yana da ƙasa. "Boda" kowa ya san shi, shi ne mafi aminci. 'Yan Ajantina da Uruguwai sun fi cewa "casamiento", 'yan Chile da Peru da Kolombiya kuma sukan kira bikin "matrimonio".

Yanzu muna da layi biyu:

Querida Lucía:
¡Enhorabuena por la boda! Me alegro muchísimo por ti y por Javier.

"Me alegro muchísimo por ti" na nufin na yi miki farin ciki matuƙa. Ambaton sunan ango yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin yana nuna kana sauraro lokacin da take hira. Idan ba ka san sunan ba, "por ti y por tu pareja" ya rufa asiri. "Pareja" abokin zama ne, kalmar ba ta bambanta jinsi, kuma ta fi "marido" ko "mujer" dacewa kafin a ɗaura auren.

Jimlar da ba ta kowa ba

Idan mutum 15 suka sa hannu a kati ɗaya, galibinsu abu guda za su rubuta. Abin da zai sa Lucía ta tsaya a kan naka shi ne jimla ɗaya da ba za a iya cirewa a manna wa wani ba. Nan ne ɗumin saƙon yake, ba a tarin kalmomin yabo ba. Sharaɗin kawai shi ne jimlar ta fito daga inda kuka san juna, wato wurin aiki, ta kuma tsaya a bakin ƙofar rayuwarta ta gida.

Mafi sauƙi ita ce, "Da gusto trabajar contigo y más aún verte tan feliz", wato aiki da ke akwai daɗi, ganinki cikin farin ciki haka ya fi daɗi. Idan ita ce mai tsara jadawalin aiki a sashenku kuma kowa ya san ƙwazonta, kana iya cewa, "Si organizas la boda como organizas los turnos, va a salir perfecta", ma'ana idan kika shirya bikin yadda kike shirya jadawali, ba za a sami tangarɗa ba. Raha ce, amma yabo ne a cikinta, kuma ba za ta kunyata kowa ba ko uwar amarya ce ta karanta. Wannan shi ne ma'aunin da za ka auna kowace raha da shi: idan aka karanta ta da ƙarfi a gaban dangin ango, za ka sunkuyar da kai? Idan eh, cire ta.

Abubuwan da ba sa shiga su ne maganar kyan amarya daga bakin abokin aiki namiji, da "Por fin" wato sai yanzu, da "Ya era hora" wato dama lokaci ya yi. A baka, tsakanin aminai, suna wucewa. A rubuce suna iya zama gori, musamman ga wadda ta daɗe tana shan tambayar yaushe za ta yi aure. Haka nan kada ka cusa maganar aiki, irin "sai kin dawo akwai fayiloli suna jira". Ko da wasa ka faɗa, ka ɗora mata tunanin ofis a ranar da ba ta son tuna shi.

Fata da addu'a

A nan ne Bahaushe ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin namu taya murnar aure addu'a ce daga farko har ƙarshe: Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya sa abokiyar arziki ce, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Zuciya za ta so ta juya waɗannan kai tsaye zuwa Sifaniyanci. Wasu suna tafiya, wasu ba sa tafiya.

Fatan zaman lafiya da daɗewa tare yana tafiya ko'ina. Sifaniyanci yana da tsarinsa na fata, wanda ke farawa da "Que" sannan aikatau ya ɗauki siffar buri: "Que seáis muy felices" a Sifaniya, "Que sean muy felices" a Latin Amurka, wato ku kasance cikin farin ciki. Kuskuren mai koyo shi ne ya sa siffar labari, ya ce "Que sois" ko "Que son", sai fatan ya rikiɗe ya zama guntuwar jimlar da ba ta ƙarasa ba.

Ambaton Allah ya danganta da mutumin. A Meziko da Kolombiya da Amurka ta Tsakiya, "Que Dios los bendiga", wato Allah ya yi muku albarka, magana ce ta yau da kullum, ana rubuta ta a kati ba tare da wani ya ɗaga ido ba. A Sifaniya abin ya bambanta. Tun daga 2009 auren da ake ɗaurawa a gaban hukuma ya zarce na coci yawa, kuma yanzu shi ne mafi rinjaye da tazara mai nisa. Ga wanda ba ka san matsayinsa a kan addini ba, addu'a a kati tana iya zame masa baƙon abu, ko da ba zai ji haushi ba. Idan ka san a coci za a ɗaura, ko abokin aikin Musulmi ne, misali ɗan asalin Maroko, to ka yi addu'arka kai tsaye: "Que Dios os bendiga".

Fatan haihuwa kuwa ya fi kyau a bar shi gaba ɗaya. A Sifaniya ana ɗaukar wannan a matsayin sirrin ma'aurata, wasu ba sa son 'ya'ya, wasu suna nema ba su samu ba. Ban da haka, mutane suna yin auren fari ne bayan sun haura shekara 30 da nisa, kuma kusan rabin jariran ƙasar ana haifarsu ne ga iyayen da ba su yi aure ba. Yana yiwuwa Lucía da Javier sun yi shekaru a gida ɗaya, yaransu ne ma za su riƙe zobe a wurin bikin. Shi ya sa "nueva etapa", wato sabon mataki, ya fi "nueva vida", sabuwar rayuwa, dacewa da kowane hali.

Ga Lucía mun zaɓi fata mai sauƙi: "Os deseo un día precioso y muchos años de felicidad juntos", wato ina yi muku fatan rana mai kyau da shekaru masu yawa na farin ciki tare.

Rufewa

Kalmar ƙarshe ita ce mai bayyana matsayinka. A can sama akwai "Atentamente", ƙasa da shi kaɗan "Un cordial saludo", duka na hulɗar ofis. "Saludos" gaisuwa ce tsura, ta imel ɗin ranar Talata, ba ta da ɗumin da aure ke buƙata. A ɗaya ƙarshen akwai "Besos" da "Un beso", sumba ke nan, waɗanda 'yan Sifaniya ke rubuta wa ƙawaye da dangi a sake. "Te quiero" kuwa, ina ƙaunarki, ba na abokin aiki ba ne ko kaɗan.

Tsakiyar ita ce "Un abrazo". A zahiri runguma ce, amma a ƙasan saƙo lafazi ne da aka saba, maza na rubuta wa maza, ana rubuta shi tsakanin mace da namiji a wurin aiki, babu mai fassara shi da wata manufa. "Un fuerte abrazo" ya ɗan fi ƙarfi, yana yawa tsakanin maza. Wanda tarbiyyarsa ba ta bar shi ya rubuta wa matar wani kalmar runguma ba, ko da ta lafazi ce, yana da mafita mai kyau: "Con mis mejores deseos", tare da fatan alheri. Ba ta da sanyi, ba ta kuma ƙetare iyaka ba.

Ga saƙon a haɗe:

Querida Lucía:
¡Enhorabuena por la boda! Me alegro muchísimo por ti y por Javier. Da gusto trabajar contigo y más aún verte tan feliz. Os deseo un día precioso y muchos años de felicidad juntos.
Un abrazo,

Sai ka sa sunanka a layin da ke ƙasa. Bai kai kalma 40 ba, zai shiga kusurwar kati, kuma kowace jimla tana da aikinta: taya murna, farin ciki, abin da ya haɗa ku, fata.

Idan mutumin ya canja

Ginin ba ya canjawa, kayan ne kawai ake sauyawa. Da Lucía 'yar Meziko ce, sai a ce: "¡Muchas felicidades por tu boda! Me da mucho gusto por ti y por Javier. Les deseo un día precioso y muchos años de felicidad juntos." An sauya kalmar murna, "Me alegro" ya koma "Me da mucho gusto" wanda ya fi zama a bakin 'yan Meziko, "os" ya koma "les". Da 'yar Buenos Aires ce, farkon zai zama "¡Felicitaciones por el casamiento! Me alegro mucho por vos y por Javier", sauran kuma ya bi na "les".

Idan shugabarka ce wadda kake kira da "usted", sai ka ɗaga saƙon mataki ɗaya ba tare da ka koma takardar hukuma ba: "Estimada Lucía: Muchas felicidades por su boda. Les deseo a los dos mucha felicidad en esta nueva etapa. Un cordial saludo". A nan ka bar rahar jadawali a aljihu.

Idan da sunan sashe gaba ɗaya kake rubutawa, aikatau ne ke komawa jam'i: "Nos alegramos" maimakon "Me alegro", "Os deseamos" maimakon "Os deseo", a rufe da "De parte de todo el equipo", wato daga dukkan abokan aiki. Idan an gayyace ka amma ba za ka samu zuwa ba, ƙara jimla ɗaya: "Gracias por invitarme, siento mucho no poder acompañaros". Ba sai ka jero uzuri ba. Idan kuma ba a gayyace ka ba, kada ka taɓo zancen ko da wasa. A Sifaniya kowane baƙo yana da kujerarsa da farantinsa da aka biya kuɗi mai tsoka a kai, don haka abu ne da aka saba a bar yawancin 'yan ofis a waje, ba raini ba ne.

Ƙananan alamomi masu tona asiri

Kafin ka sa biro a katin, rubuta saƙon a wata takarda ka duba abu huɗu. Na farko, alamar motsin rai tana zuwa biyu, ta buɗewa a kife da ta rufewa a tsaye: ¡Enhorabuena! Cibiyar kula da harshen, Real Academia Española, ta shigar da alamar buɗewa cikin ƙa'idar rubutu tun 1754. A hirar waya mutane kan yar da ita, amma a kati rashinta yana nuna gaggawa. Biyu sun isa, ba sai an jera biyar ba.

Na biyu, harafin ñ. Mai rubuta Hausa ya san abin da ke faruwa idan aka bar lanƙwasar ƙ ko ɗ, to a nan abin ya fi muni: "años" shekaru ne, amma idan aka cire 'yar igiyar da ke kan n kalmar ta koma jam'in dubura. Jimlar fatanmu tana ɗauke da wannan kalma, don haka a duba ta sau biyu. A waya, danna n ka riƙe, ñ zai fito. Haka ma alamar ¡ tana ɓoye ƙarƙashin !, wasula masu karan sama kuma suna ƙarƙashin takwarorinsu.

Na uku, karan saman wasali. Yana kan "día", "más", "aún", "seáis" da "muchísimo". Ba ya kan "ti" ko kaɗan, duk da cewa 'yan harshen ma suna yawan sa shi bisa kuskure. "Tu boda", bikinki, ba shi da kara, domin "tú" mai kara shi ne ke. Na huɗu, kalmomi masu kama da juna: "casados" ma'aurata ne, "cansados" gajiyayyu ne, "cazados" kuma waɗanda aka farauto. Harafi ɗaya ne tsakani, kuma mai gyaran rubutu na waya ba zai tsayar da kai ba tun da dukkansu kalmomi ne na gaskiya.

Saura lokacin aikawa. Dokar ƙwadago ta Sifaniya ta ba ma'aikaci hutun aure na kwana 15 da albashinsa, kuma yawanci da shi ake tafiya yawon amarci. Saboda haka kati yana isa hannu ne a ranar aiki ta ƙarshe kafin bikin, saƙon waya kuma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Imel ɗin ofis da aka aika ranar bikin zai kwanta mako biyu ba a buɗe ba. Idan ka makara har ta dawo, fatan "rana mai kyau" ya wuce, sai ka juya shi zuwa baya: "Espero que fuera un día precioso", ina fatan ranar ta yi kyau. Ka ƙara "Que seáis muy felices", ka rufe yadda ka saba. Gajeriyar amsa irin "¡Mil gracias!" ita ce abin da ake tsammani daga amaryar da saƙonni suka yi wa yawa, kuma ba ta buƙatar ka sake mayar da wata.